An rufe mini ciniki nesa da farashin sitof: tambayoyi da amsoshi kan wasiƙar ƙorafi ga dillali

Wannan shafi na waɗanda ke cinikin kuɗaɗen waje, zinariya ko hannun jari ta manhajar dillali ne, suka sa sitof, wato umarnin rufe ciniki don tsayar da asara, a wani farashi, sannan suka tarar an rufe musu cinikin a wani farashi dabam mai nisa. Abin na da ciwo ƙwarai, domin mutum ya yi abin da aka ce masa shi ne kariya, amma kariyar ba ta riƙe shi ba. Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kai, kuma zan bi misali ɗaya na cinikin zinariya tun daga fari har zuwa wasiƙar kanta.

Na sa sitof a 2,340, an rufe mini a 2,322. Ba cuta ba ce wannan a fili?

Tana iya zama cuta, tana iya zama ba ita ba, kuma nisan da ke tsakanin lambobin biyu kaɗai ba ya raba gardama. Abin da ka rubuta a gurbin Stop Loss ba farashin da za a sayar maka ba ne. Farashin da zai tayar da umarnin sayarwa ne. Da zarar kasuwa ta taɓa 2,340, umarninka ya koma "a sayar yanzu a kan duk farashin da ake samu". Idan mai saye na gaba yana kan 2,339.80, nan za a sayar. Idan babu kowa sai a 2,322, can za a sayar. Kusan kowace yarjejeniyar dillali ta rubuta wannan, kuma ka amince da ita ranar da ka buɗe asusu, ko ka karanta ko ba ka karanta ba.

Shi ya sa wasiƙar da ta tsaya a kan "ba ku rufe mini a farashin da na sa ba" takan mutu tun a amsar farko. Za su kwafo maka sakin layin yarjejeniyar da ya yi maganar zamewar farashi, su rufe fayil. Tambayar da ke da haƙori ita ce: bayan da sitof ɗina ya tashi, mene ne farashi na farko da ake samu, kuma a kansa aka rufe mini? Dillali bai yi maka alkawarin 2,340 ba, amma akwai nauyi a wuyansa na ya cika umarninka a mafi kyawun farashin da ake samu a lokacin, ba tare da jinkirin da ba shi da dalili ba. A nan ne ake kama shi, idan har akwai abin kamawa.

Yaushe ne laifin na kasuwa ne, ba na dillali ba?

Idan farashi ya yi tsalle ya bar giɓi. Wanda ya kwana da ciniki a buɗe daga Juma'a zuwa daren Lahadi ya san wannan: kasuwa ta rufe a wuri ɗaya, ta buɗe a wani, babu cinikin da aka yi a tsakani. Haka ma lokacin fitar manyan rahotanni. Rahoton ayyukan yi na Amurka yana fita da ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, galibi a Juma'ar farko ta wata, wato 1:30 na rana agogon Najeriya da Nijar a lokacin bazarar Amurka, 2:30 kuma a lokacin sanyinsu. A daƙiƙun farko masu samar da farashi kan janye hannu, tazarar saye da sayarwa ta buɗe, zinariya ta yi tsallen daloli da yawa a ƙiftawar ido.

Mafi girman misali shi ne na ranar 15 ga Janairun 2015, lokacin da Babban Bankin Switzerland ya janye shingen da ya sa na 1.20 tsakanin yuro da faran ɗin ƙasar. Cikin mintuna farashi ya faɗo ƙasa da 0.90 a wasu dandamali. Masu sitof a 1.19 an rufe musu can ƙasa sosai, wasu har asusunsu ya koma bashi, kamfanin Alpari na Birtaniya kuma ya durƙushe. A irin wannan rana babu mai saye a farashin da mutane suka sa, don haka babu wanda zai iya sayar musu a kai.

Idan naka ya faru a buɗewar mako ko a daƙiƙar fitar rahoto, gaskiyar magana damarka ba ta da yawa. Kana iya rubutawa ka nemi bayanai, haƙƙinka ne, amma kada ka sa rai sosai.

To yaya zan gane ko ina da hujja tun kafin in rubuta?

Mu ɗauki misalin da zan yi aiki da shi. Ka sayi zinariya, XAUUSD, rabin lot, a 2,350.00. A wurin yawancin dillalai lot ɗaya oza 100 ne, don haka rabin lot oza 50 ne, kuma kowace dala ɗaya da farashi ya motsa dala 50 ce a aljihunka. Ka sa sitof a 2,340.00, ka yarda za ka iya rasa dala 500. Ranar wata Talata da ƙarfe 10:42 na safe agogon Najeriya aka rufe cinikin a 2,322.40. Asarar ta zama 27.60 sau 50, dala 1,380 ke nan. Dala 880 ta ƙaru a kan abin da ka shirya wa.

Abu na farko, daidaita agogo. Lokacin da ke cikin manhajojin ciniki na MT4 da MT5 na sabar dillali ne, wato kwamfutarsa da ke gudanar da ciniki, ba na wayarka ba. Da yawa suna kan GMT+2 da sanyi, GMT+3 da bazara, alhali Najeriya na kan GMT+1. Saboda haka 10:42 ɗinka zai iya zama 12:42 a manhaja. Mutane da yawa sun aika ƙorafi da hoton kyandir ɗin da ba shi ba saboda wannan bambancin, aka kuwa yi watsi da su cikin sauƙi.

Na biyu, buɗe taswirar minti ɗaya, M1, ta dillalin da kansa, ka nemo kyandir ɗin 12:42, wato sandar da ke nuna motsin farashi a wannan mintin, ka duba Low ɗinsa, mafi ƙasan inda ya kai. Taswirar MT4 da MT5 a irin wannan ciniki farashin Bid take nunawa, wato wanda ake saye daga hannunka a kai, kuma wanda ya saya a kan Bid ake rufe masa. Ke nan kana kallon ainihin farashin da ya shafe ka. A misalinmu mafi ƙasan da kyandir ɗin ya kai shi ne 2,336.10, na gabansa da na bayansa kuma ba su sauka ƙasa da haka ba. To ga hujja ta fito: an sayar maka a 2,322.40, farashin da taswirar dillalin da kanta ba ta nuna ba a wannan lokacin. Tsakanin 2,336.10 da 2,322.40 akwai dala 13.70 da babu bayaninta.

Da a ce kyandir ɗin ya miƙa jela har 2,321, da labari ya sha bamban. Sai ka koma ka duba taswirar wasu dillalai biyu ko uku a wannan mintin. Idan kowa ya nuna jelar, kasuwa ce. Idan naka ne kaɗai ya nuna, mai yiwuwa gurɓataccen farashi ne ya shigo sabarsa, kuma wannan ma abin ƙorafi ne mai ƙarfi. Sai dai ka sani kuɗaɗen waje da zinariyar da ake cinikinta haka ba su da kasuwa guda ta tsakiya, don haka bambancin 'yan kwabbai tsakanin dillalai ba komai ba ne. Bambancin dala goma sha kuwa dole a yi bayaninsa.

A MT5 na kwamfuta kana iya zurfafawa fiye da kyandir. Shiga View, sannan Symbols, sannan Ticks, ka zaɓi rana da lokaci, ka danna Request. Za ka ga kowane motsin farashi ɗaya bayan ɗaya, da Bid da Ask, wato farashin da ake sayar maka a kai, har da ɓangaren daƙiƙa, kuma kana iya fitar da shi ka ajiye.

Ni sayarwa na yi, kuma taswira ba ta ma taɓa sitof ɗina ba, amma an rufe. Wannan fa?

Wanda ya sayar a kan Ask ake rufe masa, taswira kuma Bid take nunawa. Idan tazarar ta buɗe, musamman wajen ƙarfe 5 na yamma agogon New York lokacin da ranar ciniki ke juyawa, Ask kan haura ya taɓa sitof alhali kyandir bai kai wurin ba. Kunna layin Ask a saitin taswira za ka gani da idonka. A irin wannan, abin da za ka nema a wasiƙa shi ne girman tazarar a wannan daƙiƙar da dalilin buɗewarta.

Me zan tattara, kuma cikin kwana nawa?

Yi shi a ranar da abin ya faru. Wasu yarjejeniyoyi suna ba da 'yan kwanakin aiki kaɗan ne kawai don ƙorafi kan ciniki, kuma dillali na iya gyara tarihin taswirarsa daga baya, ya goge jela ko ya ƙara wadda ta ɓace. Ɗauki hoton History inda lambar tikiti, farashin buɗewa, sitof da farashin rufewa suke. A MT5 za ka ga wani ɗan rubutu kamar `[sl 2340.00]` a gurbin Comment, wanda ke tabbatar da cewa sitof ne ya rufe cinikin. Wannan na da amfani, domin wani lokaci ba sitof ba ne ya rufe, ƙarancin kuɗin jingina ne ya sa saba ta rufe cinikin da kanta, alamar kuma takan fara da `so`. Wancan wata magana ce dabam.

Ɗauki hoton kyandir ɗin M1 da lokacinsa a bayyane, ka ajiye abin da ke cikin Journal, sannan ka sauke yarjejeniyar abokin ciniki da takardar manufar cika umarni kamar yadda suke a ranar. Idan a waya kake ciniki, nemi kwamfuta ko ta aro ce ka shiga asusunka, domin manhajar waya ba ta nuna komai da komai.

Nawa zan nema a biya ni? Duk dala 880 ɗin?

A'a, kuma nan ne na fi so a saurare ni. Idan ka nemi 880, kana cewa ne lallai a ba ka 2,340.00, wato abin da ba a taɓa yi maka alkawarinsa ba, ka kuma ba su ƙofar da za su ƙi ka gaba ɗaya. Abin da ya dace ka nema shi ne bambanci tsakanin inda aka rufe maka da farashi na farko da ake samu bayan tashin sitof. Tunda kai ba ka da cikakken bayanin sabarsu, sai ka kafa ƙasan da ba za su iya musunsa ba: ko da a mafi munin farashin wannan mintin aka rufe maka, 2,336.10 ne. Bambancin 13.70 sau 50 ya ba da dala 685. Sai ka ce aƙalla 685, ko fiye idan bayanansu sun nuna farashin farko ya fi haka kyau. Kada ka haɗa da ribar da za ka ci da ba a rufe cinikin ba, domin a misalin nan kasuwa ta taɓa 2,340 da gaske, rufewar halal ce, farashinta ne ake jayayya a kai.

Yaya wasiƙar za ta kasance?

Ka aika ta imel zuwa sashen ƙorafi ko sashen bin ƙa'ida na kamfanin, ba ga mai kula da asusunka a WhatsApp ba, ba kuma ta akwatin hira ba. Ka sa kalmar ƙorafi a kanun saƙon, domin kada a yi musun cewa ƙorafi ne, tunda a ƙasashe masu tsari daga samun ƙorafi ake fara ƙidayar wa'adin amsa. Yawancin dillalan waje da Turanci suke aiki, na ɓangaren Nijar da Kamaru wani lokaci da Faransanci. Tsara ta da Hausa tukuna har sai kai da kanka ka gamsu da lissafin, sannan a juya. Ga yadda ta misalinmu za ta kasance:

Zuwa ga Sashen Ƙorafi,

Ƙorafi a hukumance kan farashin da aka rufe ciniki: asusu mai lamba kaza, tikiti mai lamba kaza.

Bayan gaisuwa. A ranar kaza na sayi XAUUSD, lot 0.50, a 2,350.00, na sa sitof a 2,340.00. An rufe cinikin a ranar kaza da ƙarfe 12:42 agogon sabarku a 2,322.40.

Na san sitof ba ya tabbatar da farashi, kuma ba na jayayya cewa kasuwa ta kai 2,340.00. Abin da nake jayayya a kai shi ne farashin da aka cika umarnin. Taswirarku ta M1 ta nuna mafi ƙasan Bid a mintin 12:42 shi ne 2,336.10, mintunan da ke kewaye da shi kuma ba su sauka ƙasa da haka ba. An rufe mini dala 13.70 ƙasa da mafi ƙasan farashin da kuka nuna. Babu wani babban rahoto da ya fita a lokacin, kuma ba buɗewar kasuwa ba ce. Hotunan suna haɗe da wannan saƙo.

Ina neman ku ba ni waɗannan a rubuce: lokacin da sitof ɗin ya tashi da lokacin da aka cika shi, har zuwa ɓangaren daƙiƙa, jerin Bid da Ask daga 12:41 zuwa 12:43, bayanin ko an miƙa umarnin ga wani mai samar da farashi ne ko kamfaninku ne ya tsaya a ɗaya ɓangaren, tare da shaidar cikawa idan an miƙa, da sashen manufarku ta cika umarni da kuka dogara da shi.

Ina neman a gyara farashin rufewa zuwa farashi na farko da ake samu bayan tashin sitof, a mayar da bambancin cikin asusuna a matsayin kuɗin da zan iya cirewa. Bisa taswirarku, bai gaza dala 685 ba.

Ina roƙon ku tabbatar da samun wannan saƙo, ku ba ni lambar ƙorafi da ranar da zan sa ran amsa ta ƙarshe, ku kuma adana duk bayanan sabar da suka shafi wannan tikiti. Idan ba a warware ba, zan kai maganar ga hukumar da ke sa ido a kanku.

Na gode. Suna, lambar asusu, kwanan wata.

Ka lura babu zagi a ciki, babu "ɓarayi", babu labarin cewa kuɗin na haya ne ko na makarantar yara. Na san zuciya na tafasa a lokacin, kuma na san sau da yawa kuɗin na wata buƙata ce ta gaske. Amma wanda zai karanta ma'aikaci ne da zai tura wa masu kula da ciniki, su kuma lamba da lokaci kawai za su iya bincika. Sakin layin da ya fara da "Na san sitof" shi ne ƙashin bayan wasiƙar: ka amsa musu abin da za su fake da shi tun kafin su faɗa.

Sun amsa da cewa "yanayin kasuwa ne". Shi ke nan?

Ba amsa ba ce wannan, domin ba abin da ka tambaya ba ne. Ka mayar da gajeren saƙo: wane farashi ne na farko bayan tashin sitof, da ƙarfe nawa, kuma me ya sa taswirarku ba ta nuna 2,322.40 ba? Akwai amsa guda da ke da ɗan tushe, wato cewa taswira na nuna farashin sama ne kawai, babban umarni kuma yakan cinye shi ya gangara zuwa na ƙasa. Wannan gaskiya ne ga mai lot ɗari. Ga mai rabin lot na zinariya da safiyar Talata, lokacin da kasuwar Landan ke buɗe, da wuya ya bayyana dala 13. Idan sun faɗi haka, nemi su nuna maka zurfin kasuwar a wannan daƙiƙar.

Ka kuma duba tarihin asusunka gaba ɗaya. Zamewar farashi ta gaskiya takan zo ta ɓangarori biyu, wani lokaci ta cuce ka, wani lokaci ta amfane ka. Idan cikin cinikayya ɗari ba ka taɓa samun ta alheri ba, rubuta wannan a saƙonka. Ba zargi ne mara tushe ba a wannan sana'a: a Fabrairun 2014 hukumar FCA ta Birtaniya ta ci tarar reshen kamfanin FXCM na ƙasar fam miliyan 4 saboda riƙe ribar zamewar da ta amfani abokan ciniki, alhali ana ɗora musu wadda ta cutar.

Sun yi mini tayin bonas. In karɓa?

Karanta sharaɗin da kyau. Sau da yawa bonas ba ya ciruwa sai ka yi ciniki mai yawan gaske, kuma karɓarsa kan zo da amincewa cewa magana ta ƙare. Bonas ɗin dala 700 da ba ya fita bai kai dala 400 da ke fita ba.

Idan sun ƙi, ina zan kai ƙara?

Ya danganta da kamfanin da ka ƙulla yarjejeniya da shi, ba sunan da ke kan talla ba. Dillali ɗaya kan yi rassa da yawa: ɗaya a Landan, ɗaya a Cyprus, ɗaya a wani tsibiri. Duba shafin farko na yarjejeniyarka. Masu buɗe asusu daga Najeriya, Nijar ko Ghana galibi reshen tsibiri ake sa su, ko da shafin kamfanin na alfahari da lasisin Birtaniya.

Idan reshen Birtaniya ne, kamfani na da mako 8 ya ba da amsa ta ƙarshe, kai kuma kana da wata 6 daga ranar amsar ka kai wa ofishin sasanta ƙorafin kuɗi na ƙasar, kyauta. A Ostireliya wa'adin kamfani kwana 30 ne, sannan a wuce zuwa AFCA, hukumar sasanta ƙorafin kuɗi ta ƙasar. A Amurka ƙorafi kan dillalin hannun jari yana zuwa hukumar sa ido ta FINRA, na kuɗaɗen waje kuma ta NFA. Idan dillalin hannun jari ne mai rajista a Najeriya, kamfanin ake fara kai wa, sannan a hau zuwa kasuwar hannun jari da hukumar SEC, akwai kuma kotun musamman ta harkokin zuba jari. Amma idan rajistarsa ta Saint Vincent ce, hukumar kuɗi ta can ta bayyana da kanta cewa ba ta ba da lasisin cinikin kuɗaɗen waje, don haka babu mai sa ido da zai tilasta masa. Wasiƙarka da hujjarka su ne kusan duk abin da kake da shi, sai kuma cire sauran kuɗinka.

A wannan matakin ne wasu kan ɓullo a Telegram suna cewa za su ƙwato maka kuɗinka idan ka biya wani abu tukuna. Kada ka ba su ko kwabo, kada ka ba su kalmar sirrin asusunka.

Akwai umarnin da zai hana wannan sake faruwa?

Akwai biyu, kowanne da kuɗinsa. Umarnin Stop Limit yana hana a sayar maka ƙasa da iyakar da ka sa, amma idan farashi ya tsallake iyakar, ba a sayarwa sam, ka ci gaba da riƙe ciniki yana nutsewa. Wasu dillalai kuma suna da sitof mai garanti, inda ake rufe maka daidai inda ka sa ko da an yi giɓi, a kan wani ƙarin kuɗi, kuma galibi ba su yarda a sa shi kusa da farashin kasuwa ba. Idan irin wannan ka saya aka rufe maka a 2,322.40, to wasiƙarka ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: ka kawo sakin layin garantin, ka nemi dala 880 ɗinka cif.